Tambayoyin da ake yawan yi min kan sarin atamfa a Kantin Kwari: farashi, mafi ƙarancin ɗauka da ragi

Assalamu alaikum. Tambayoyin nan kullum sai an turo su, musamman mata masu sayarwa a gida da samarin da suke son buɗe ɗan shago, shi yasa nace bari in haɗa su waje ɗaya kowa ya karanta. Zan yi magana ne akan atamfa a Kantin Kwari ta Kano tunda nan na sani. Kuɗaɗen da zan ambata duk misali ne don lissafi ya fito, ba farashin yau bane, dan Allah kar wani ya zo shago yace ai an rubuta dubu goma.

Wai me yasa farashin sari da na ɗai-ɗai suke da tazara haka? Ba kayan ɗaya bane?

Kayan ɗaya ne, wahalar ce ba ɗaya ba. Wanda ya zo sayen turmi ɗaya sai ya zauna a benci, a sauko masa da kala ashirin, ya buɗe wannan ya ajiye, ya ɗauki hoto ya tura wa matarsa, a jira ta amsa, ta ce a'a waccan mai ruwan toka take so, sannan a fara tayi, kuma bayan duk wannan yana iya tashi yace bari ya zaga ya dawo. Yaron shago ya ninke ashirin ɗin ya mayar. Kuɗin haya yana tafiya, kuɗin abincin yara yana tafiya, ga man janareta. Duk wannan a cikin turmi ɗayan nan da aka sayar za a cire shi.

Mai sari kuwa minti nawa ne, ya nuna ya ce a ƙirga min hamsin, yayi tiransifa, ɗan dako ya ɗauka. Ko ɗari huɗu aka samu a kowane turmi kuɗin mai shago sun dawo hannunsa a ranar, gobe ya sake saro wasu da su. To mai shago ya fi son ƙaramar riba mai dawowa yau akan babba wadda sai an yi sati uku ana jiranta.

Akwai kuma abu na biyu da mutane basa lissafawa, wato kwantai. Mai sayar da ɗai-ɗai duk kalar da bata shiga ba a wuyansa take kwana, dole ribar waɗanda suka fita ta ɗauki nauyin waɗanda suka ƙi fita. Idan kika sara da yawa kin ɗauke masa wannan nauyin ne kin ɗora wa kanki, ragin da yayi miki ladan ɗaukar nauyin ne. Ki riƙe wannan zancen, zamu dawo kansa a lissafi.

Daga turmi nawa ake cewa sari?

Babu wata doka a kasuwa, kowane shago da nasa. Wani daga biyar zai baki farashin sari, wani sai goma, manyan kuma da suke sama ko can cikin sito basa ma fasa dila, ko ki ɗauki dila sukutum ko su nuna miki shagon yaransu a ƙasa. Turmi ɗaya yadi 6 ne, dilar atamfa kuma yawanci yadi 600 ce, wato turmi 100, wata kuma tana zuwa da yanka hamsin masu yadi 12 sai a raba. Ki tambaya kafin ki biya, turmi nawa ne a ciki kuma zane kala nawa.

Yaya matakan ragin suke tafiya?

Bari mu ɗauki atamfa matsakaiciya, irin ta yau da gobe. A ce mai shago ta tsaya masa 9,200 har ta shigo shago. Zai iya tsara ta kamar haka: turmi ɗaya zuwa tara 12,000, daga goma zuwa sama 10,500, daga hamsin wato rabin dila 10,000, dila guda kuma 9,600.

Ki duba yadda ragin yake ƙanƙancewa. Matakin farko an sauke miki 1,500, na biyu 500 kawai, na uku 400. Ba rowa bace, ƙasan ne ya kusa, tunda ba zai sayar ƙasa da 9,200 ba duk yawan da zaki ɗauka. Shi yasa nake cewa babban ragi yana tsakanin ɗai-ɗai da sari na farko, duk wanda ya tsallaka nan ya riga ya ci mafi yawan abin da ake ci. Sauran matakan suna da amfani amma sai ga wanda kayansa suke gudu da gaske.

Kuma idan kika ji wani yana ta sauka babu birki, daga 12,000 zuwa 10,000 zuwa 8,000 don kawai kin ƙara turmi goma, to ko dai ya lafta miki tun farko ko kuma ba kayan da kika gani zai ɗaure miki ba.

Ina son 45, an ce ragi na gaba sai 50. In cika ko in tsaya?

Nan ki cika, ko da kuwa kuɗin motar komawa zaki ranto. Ga dalili. 45 a 10,500 ya kama 472,500. 50 a 10,000 ya kama 500,000. Tazarar 27,500 ce, kuma turmi biyar kika ƙara, kenan kowanne cikin biyar ɗin nan ya zo miki a 5,500, kusan rabin kuɗi. Abin dariyar ma shine idan 48 kika ɗauka a 10,500 zaki biya 504,000, wato ya fi kuɗin 50 ɗin tsada. Mai shagon kirki zai ce miki Hajiya cika biyu ki huta, wani kuma shiru zai yi ya rubuta rasit.

Amma idan 30 kika zo saya aka ce ki kai 50 lissafin ya canza. 30 a 10,500 shine 315,000, zuwa 500,000 sai kin ƙara 185,000, ki raba da turmi 20 da aka ƙara miki, kowanne 9,250. Har yanzu da sauƙi, amma ba irin sauƙin da za a ci bashi dominsa ba.

Dabarar dai ɗaya ce ko a wace kasuwa, ki cire jimlar kuɗin abin da kika zo saya daga jimlar kuɗin matakin da ake kiranki, abin da ya rage ki raba shi da adadin ƙarin. Shine ainihin kuɗin kayan da ake lallaɓarki ki ƙara. Ki kuma tabbatar sabon farashin ya hau kan duka kayan ne, don wasu sai su ce ragin akan na saman ne kawai, na ƙasan suna nan a tsohon kuɗi, to wannan ragin ba shi da wani kauri.

Ni dai na ga dila tafi araha nesa ba kusa ba, ba gara in tattara kuɗi in ɗauka gaba ɗaya ba?

Wannan ce tambayar da tafi kowacce cin jarin mutane, bari in zauna a kanta.

A ce wata baiwar Allah a Gusau tana sayarwa a gida, tana saka hotuna a WhatsApp, ƙawaye da 'yan unguwa da matan ofis suna saya. A wata tana fitar da turmi 30 idan kasuwa tayi daidai, tana sayarwa 12,500.

Hanya ta farko, duk wata ta sari 30 a 10,500, kuɗi 315,000. Kuɗin mota da dako da ɗan abin da zata ci a hanya a ce 15,000, jimla 330,000. Kenan kowane turmi ya sauka a ɗakinta a 11,000, ribarta 1,500, sau 30 ya zama 45,000 a wata. Kuma da hannunta ta zaɓi kalolin, ta san wacece take son ja wacece bata saka mai manyan fulawa, da wuya wani abu ya kwana.

Hanya ta biyu, ta sayar da 'yan kunnenta ta karɓi adashi ta haɗa ta ɗauki dila a 9,600, kuɗi 960,000, kawowa 20,000, jimla 980,000. Turmi ya sauka a 9,800. A takarda ribarta 2,700 a kowanne, sau 100 ya zama 270,000, ai dole ido ya rufe.

To amma masu sayenta basu ƙaru ba don ta ɗauki dila, 30 ɗin nan dai su ne a wata. Sannan dila a ɗaure take zuwa, ba ita ta zaɓi abin da yake ciki ba. Watan farko masu kyan suka tafi da gudu, wata na biyu ciniki ya fara ja da baya saboda duk wadda ta leƙo sai tace Hajiya har yanzu waɗannan ne, ba a kawo sababbi ba? Wata na uku kuma sabon yayi ya fito a kasuwa. A ce 80 sun fita a 12,500, kuɗi 1,000,000. Sauran 20 sun zama kwantai sai da ta karya su a 9,000, kuɗi 180,000. Jimla 1,180,000, a cire 980,000, riba 200,000, kuma sai da aka kwashe kusan wata huɗu.

Wata huɗun nan da hanya ta farko ta bi da ta samu 45,000 sau huɗu, 180,000. Bambancin 20,000 ne kacal. Don wannan 20,000 ɗin ta binne ƙarin 650,000 a cikin ɗaki wata huɗu, kuɗin da zata iya saro leshi ko mayafai ko shadda da su ta juya sau uku ko huɗu. Ban ma saka bashi a lissafin ba, alhali wadda kaya suka yi wa yawa a ɗaki ita ce take fara rabawa bashi don dai su fita, turmi biyu suka maƙale a hannun mutane 20,000 ɗin nan ta tafi har da ƙari.

Dila ta mai fitar da dila ce. Idan kina iya ƙarar da ita cikin wata ɗaya ko sati shida, ko kina da ƙananan masu sara a hannunki, to ki ɗauka, ragin naki ne halak malak. Idan ba haka ba ki tsaya a matakin da cinikinki ya kai.

Me yasa wasu basa yarda in zaɓi kala idan farashin dila zan biya?

Saboda farashin dila an yi shi ne akan mai kyau da marar farin jini su tafi tare. Idan aka yanke igiya aka barki kika tsince masu kyan, wa zai ɗauki ragowar? Shi yasa zaki ga zaɓi da kuɗinsa, turmi hamsin na zaɓi zai iya fin hamsin na yadda aka ɗauro tsada da ɗari biyu ko uku a kowanne. A ganina ga mai ƙaramin jari wannan ƙarin ya fi kowane ragi amfani, ki biya ki zaɓa.

Idan dila zaki ɗauka ki nemi a nuna miki samfurin zanukan da suke ciki, akan samu hotuna ko ƙyallaye, ki ji zane nawa ne kuma kowane zane turmi nawa. Dila mai zane goma kowanne turmi goma tafi wahalar sayarwa a ƙaramin gari akan mai zane ashirin, don mata basa son su je biki su tarar da rabin unguwa da irin kayansu ba tare da an ce anko bane.

To anko fa? Ai shi ma da yawa muke ɗauka.

Anko sari ne, ya kamata a baku farashin matakin da kuka kai, 40 ko 60 ko nawa ne. Sai dai wani lokacin ba a sauka sosai saboda zane ɗaya kala ɗaya kuke nema, mai shago sai ya fasa dila biyu ko uku ko ya bi maƙota ya tattaro kafin ya cika, su kuma maƙotan ba a farashin sito zasu ba shi ba. Abu mafi muhimmanci shine ku ƙirga mutanenku da kyau ku ɗauka lokaci ɗaya har da rarar biyar. In kuka dawo bayan sati biyu neman cikon guda bakwai, ko dai zanen ya ƙare ko a baku a farashin ɗai-ɗai, wani lokacin ma zane ɗaya ne amma ruwan kalar ya ɗan bambanta tunda ba bugu ɗaya bane.

Jarina bai kai ba, zamu iya haɗa kuɗi mu ɗauki dila?

Sosai, kuma ana yi. Mutum huɗu kowa turmi 25 kun samu farashin 9,600 maimakon 10,500, kowa ya tsira da 22,500, ga kuɗin mota an raba. Inda ake ɓatawa wajen rabo ne, kowa idonsa akan masu kyan. Ku yanke tun kafin a biya cewa kowane zane za a raba shi daidai, abin da bai rabu ba a ɗauka bi da bi. Kuma ya fi kyau ace ba gari ɗaya kuke sayarwa ba, in ba haka ba kaya iri ɗaya ne a hannun mutum huɗu, ɗaya ta matsu ta karya farashi ta ja sauran ƙasa. Kuɗin kowa ya shigo kafin ranar, banda ki biya min zan turo.

Na ga masu tallan "farashin sari" a waya ko turmi ɗaya ne. Da gaske ne?

Wanda zai baki turmi ɗaya a farashin sari to farashin nan na ɗai-ɗai ne aka canza masa suna, ko kuma akwai inda aka rage. Wurare uku ake ragewa. Na farko tsawo, turmin da ya kamata ya zama yadi 6 sai ya zo biyar da rabi. Ki auna, yadi ɗaya inci 36 ne, turmi cikakke inci 216, da tef ɗin tela mai inci 60 sai kin ja sau uku sannan ki ƙara 36. Ki buɗe turmi biyu ko uku daga tsakiyar kayan, ba na saman da aka miƙo miki ba. Na biyu daraja, zane ɗaya ana buga shi a auduga mai kyau ana kuma buga shi a mai roba, a hoto duk ɗaya suke. A hannu ne ake ganewa, mai robar tana da santsi da sheƙi, in kika murza gefenta bata karyewa irin na auduga, wata kuma an cika mata sitaci tayi ƙarfi kamar ta kirki, wanki ɗaya sai ta zama gyale. Na uku kuma kuɗin turawa, a rage miki 500 a turmi a ƙara miki 3,000 a kuɗin mota.

Idan baki taɓa sayayya da mutum ba ki fara da kaɗan ko da a farashi mai ɗan tsada ne, ki ga abin da zai sauka a tasha tukuna.

Su waye 'yan kayi-nayi, kuma suna ƙara min kuɗi ne?

Samarin nan ne da suke tare ki tun daga bakin kasuwa, Hajiya me ake nema, zo ga shagonmu. Da yawansu basu da shago, zasu zaunar da ke a wani wuri su je su ɗauko kayan su ɗora nasu a kai, ko mai shagon ya basu la'ada bayan kin tafi. A turmi ɗaya ko biyu ba wani abu bane, kuma gaskiya wasunsu sun san lungun kasuwar nan fiye da masu shagunan, suna huttar da baƙo. Amma a sari ɗari uku a kowane turmi sau hamsin 15,000 ne, fiye da rabin ragin mataki guda kenan ya tafi. In kina son taimakonsa ki yi magana da shi a fili, ka kai ni inda ake dila zan baka kaza, ya fi miki sauƙi akan ya ɓoye nasa a cikin farashi.

Ana yin ragi idan bashi zan ɗauka?

A'a. Farashin da na lissafa duk na kuɗi hannu ne. Wanda aka saba da shi ana ba shi kaya ya sayar ya kawo, amma yawanci a farashin masu ɗaukar kaɗan, ko da dila ya ɗauka. Mai shago bai samu abin da yake yin ragin dominsa ba, wato kuɗinsa su dawo yau.

Jiya an faɗa min farashi, yau na zo an ce ya tashi. Wannan ba wasa da hankali bane?

Wani lokacin shine, amma yawanci dala ce. Mafi yawan atamfar da take Kwari yanzu daga waje ake shigo da ita, galibi daga Chana, da dala ake biya. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 har dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, 'yan kasuwa suka koyi saka farashi akan abin da zasu sake sarowa da shi, ba akan abin da suka saya ba. A irin wannan lokacin matakan ragi ma matsewa suke, don mai kaya baya ɗokin rabuwa da dila yau alhali gobe zata fi haka. Idan aka baki farashi a waya ki tambaya zuwa yaushe yake, in kin gamsu ki tura kafin alƙalami a ware miki kayan.

Ke ma haka ya kamata ki yi a gida. Kin saro a 10,500 kin sayar a 12,500 kina murna, kin dawo kin tarar ya koma 12,000, to da kuɗin turmi 30 ɗin yanzu ba lallai ki iya ɗaukar 30 ba bayan kin ci ribar. Kafin ki sayar da rabin ƙarshe na kayanki ki buga waya ki ji nawa ake ciki.

Wane lokaci ne ragi ya fi samuwa?

Lokacin da kasuwa ta yi sanyi, kamar bayan sallah da tsakiyar damina kafin amfanin gona ya shigo. Daga gab da azumi zuwa sallah kuwa kasuwar a cike take, mai shago yana da masu jira, ba zai tsaya dogon tayi da ke ba. Masu wayo tun kafin azumi suke sarin kayan sallah. Nan ne ma kaɗai zan ce mai sayar da 30 a wata ta iya hawa mataki na gaba, tunda cinikin sallah yana iya ninka na sauran watanni kuma ta san kayan zasu fita kafin teloli su daina karɓar ɗinki.

Mu da muke zuwa daga Maraɗi ko Damagaram fa?

Matakan duk ɗaya ne, sai dai ku kuɗin hanyarku ya fi nauyi, ga canjin sefa ga abin da ake kashewa a iyaka, don haka ƙaramin sari baya biyan ku kamar na wanda yake Wudil ko Bichi. Wanda tafiyarsa ta ci 60,000 in turmi 30 ya ɗauka kowanne ya hau da 2,000, in 100 ne 600 kawai. Shi yasa zaka ga mutanen Nijar sun fi haɗa kai su yi lodi ɗaya. Ka tsaya Wapa ka ji canjin ranar kafin ka shiga tayi, don wani lokacin abin da zaka samu ko ka rasa a canji ya fi ragin da kake ta jayayya a kai a shago.

Yaya zan nemi ragi ba tare da an raina ni ko an ji haushina ba?

Ki fara da tambayar matakan gaba ɗaya kafin ki faɗi nawa zaki ɗauka, Alhaji nawa ne goma, nawa ne hamsin, nawa ne dila. Ki zaga shago uku da tambayar nan akan atamfa iri ɗaya, a nan zaki gane tsakiyar farashin. Kar ki ce zaki ɗauki ɗari don a sauke miki sannan ki ce bari ki fara da goma, an san wannan dabarar kuma tana zubar da mutunci, gobe ko da gaske kike ba za a yarda ba. A sari ba a tayin rabin kuɗi kamar yadda ake yi a ɗai-ɗai, ɗari biyu ko uku ake jayayya a kai, in kika taya 7,000 a kayan 10,500 albarka kawai zai ce ya juya ga na bayanki.

In farashi ya ƙi motsi ki nemi sauƙi ta wani wajen. Ya biya ɗan dako zuwa tasha, ko ya barki ki zaɓa a farashin ɗauri, ko ya yarda in wata kala ta ƙi fita ki dawo da ita a canza miki da wata matuƙar ba a yanka ba kuma takardar jikinta tana nan. Wannan na ƙarshen ya fi ragin ɗari uku daraja, kuma masu shago da yawa suna yarda da shi ga wanda yake dawowa duk wata. Ki sa a rubuta a bayan rasit, da adadin turmin da za a iya canzawa da kwana nawa aka baki, don yaron da kika yi maganar da shi ba lallai shi zaki tarar ranar da kika dawo ba.